Hoton Farantin Yaya

Ƙarfe biyun rana ina bakin aiki hoto ya shigo wayata daga Yaya: farar shinkafa, miyar tumatir ta yi ja, tsokar nama biyu a gefe. A ƙasa ta rubuta, "Malama nas, wannan ai bai yi yawa ba ko?" Wata guda ke nan da likita ya ce mata tana da ciwon suga, ya kuma ce ta rage ƙiba. Tun daga ranar na zama sikelin gidansu.

Na duba hoton na ce mata shinkafar za ta yi dunƙulen hannu biyu. Da wannan ma'aunin nake aiki, domin dunƙulen hannun mace ya kusa kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa, wajen giram 160, kalori kusan 200. Biyu ke nan 400. Naman na ba shi 150, tumatir da albasa da attarugu 50, don su ba su da wani nauyi. Na yi wa mai ƙiyasin cokali ɗaya, 120. Jimla 720. Na ce, "Ba laifi, Yaya, ki ci abinki."

Ranar Asabar na je gidan, aka zubo mata abinci a gabana a wannan farantin. Sai jikina ya yi sanyi. Ashe ba farantin da na zata ba ne, irin mai faɗin nan ne da ake fito wa baƙi da shi. Kuma shinkafar tudu ce. Hoton da aka ɗauka daga sama faɗi kawai yake nunawa, tudun ya ɓace, shinkafar da aka baje da wadda aka tula duk kamarsu ɗaya. Na ɗauko kofi na auna a gabanta, tana min dariya. Kofi uku cif. Kalori 600, ba 400 ba.

Man ne ya fi ba ni kunya. Na tambayi 'yarta da ta yi girkin nawa ta zuba, ta ce gwangwanin madara ɗaya na man gyaɗa, kamar kullum. Gwangwanin nan yana cin cokalin miya wajen goma, kowane cokali kuma kalori 120 ne, wato 1,200 a tukunya. Su shida ne a gidan, kowa ya tashi da 200. Yaya kuwa, da yake ita ce uwar gida, daga sama ake ɗebo mata, inda man ya taso, nata ya fi haka. Hoto ba ya nuna wannan. Abin da kawai za ki iya gani shi ne ƙyalli a kan miyar, ko jan mai da ya gangaro ya kewaye shinkafar, amma wanda shinkafa ta shanye ya tafi ke nan. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4, shi ya sa abin da ido ya fi rainawa shi ya fi ɓata lissafi.

Da na sake haɗawa, farantin ya kai 1,000. Na yi kuskuren kusan 300 a abinci ɗaya. Abin da ya fi damuna ma ba kalorin ba ne. Kofi ɗaya na shinkafa yana da sitaci wajen giram 45, uku ke nan 135 a zama ɗaya, ga mai ciwon suga. Ni kuma na ce mata ta ci abinta.

Yanzu mun yi yarjejeniya. Hoto biyu take turo min, ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe, wayar daidai da bakin faranti don in ga tudun. Tana ajiye cokali kusa da farantin in gane girmansa. Miyar a gefe ake zubawa, don in ta rufe shinkafa ban san abin da ke ƙasa ba. Kafin in faɗi komai ina tambaya: mai nawa aka sa a tukunya, mutum nawa suka ci? Kuma na daina ba ta lamba ɗaya, sai in ce tsakanin 600 da 750. Maganar yawan da ya dace da ita da maganinta kuwa na bar wa likitanta.

Jiya ta turo hotuna biyu, shinkafa kofi ɗaya da rabi, ga kabeji a gefe, ga cokali a ajiye. Na yaba mata. Can da yamma 'yarta ta kira ni a ɓoye ta ce, "Anti, bayan hoton fa ta yi ƙari."