Farin Zane Kafin Ranar Suna

A Kankia da Kusada, kayan barka kan fara shigowa tun kwana biyu da haihuwa: riguna ja, huluna ruwan ɗorawa, shawul shuɗi mai duhu. Galibi idon mai saye ne ke zaɓen launi, amma fatar jariri ce ke ɗaukar abin da ya biyo baya. Fatarsa ta fi ta babba laushi, kuma a zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zufa kan jiƙa rinin da bai kama yadi sosai ba, ta sauke shi a wuya da hammata da matsematsi.

Wata dattijuwa a Kusada, wadda 'yarta ta zo wankan jego daga Kankia, tana da hanyar tantancewa. Takan jiƙa farin ƙyalle, ta goga shi a cikin riga ta wajen ɗinki. Idan launi ya fito a ƙyallen, sai ta ajiye rigar gefe. Waɗanda suka tsira takan wanke su da sabulu marar ƙamshi, ta ɗauraye har sai ruwa ya fita garau, ko sababbi ne ko na gwanjo. Sai dai fari kaɗai bai isa ba, domin farar rigar leda takan riƙe zufa ta tayar da ƙurajen zafi. Auduga take nema tukuna, sannan launi.

Da maijego ta ɗauko shawul ruwan ɗorawa a rana ta uku, sai uwar ta ce, "'Yar nan, bar wannan sai bayan suna." Ta ce, "Inna, ai ba ya zuba." Dattijuwar ta nuna mata cewa ba rini take gudu ba. Shawarar jarirai takan bayyana tsakanin kwana biyu zuwa huɗu, kuma ruwan ɗorawa a kusa da fuska yana rikita ido. A kan farin zane, cikin hasken rana, ta danna goshin jaririn da yatsa, ta ga wurin ya yi ɗorawa, haka ma farin idonsa. Ranar suka kai shi asibiti a Kankia. Idan launin ya fito a ranar haihuwa, ko ya sauka zuwa tafin hannu da ƙafa, ko jariri ya ƙi kama nono, ba a kwana da shi a gida.

Game da ɗaki kuwa, sabon haihuwa bai rarrabe launuka masu taushi ba. Abin da yake gani sosai shi ne baƙi da fari a tazarar santimita 20 zuwa 30, wato daga ƙirjin uwa zuwa fuskarta. Don haka labule da shimfiɗa masu haske sun fi amfanar mai reno: a kansu ake saurin ganin sauro, ko kuɗin cizo, ko ɗigon jini daga cibiya. Atamfa mai ado tana da wurinta a zanen goyo na waje, muddin akwai farar auduga tsakaninta da fata.