Layi Uku a Ƙarƙashin Hoton Kaka

Da watan Sha'aban ya kwana goma, mahaifiyata ta miƙo mini hoton kakata, ta ce, "Jibi Inna take cika shekara. Kai da ka yi jami'a, rubuta mana abin da za a sa a ƙarƙashinsa, a tura wa dangi."

Na yi tsammanin da sauran lokaci, domin ni da kalandar boko nake lissafi. Ita kuwa da wata take ƙirga, kuma shekarar Hijira ta gaza ta boko da kusan kwana 11. Lissafinta muka bi, tunda marigayiyar ba ta taɓa auna rayuwarta da Janairu ko Maris ba.

A daren nan na cika rabin shafi. Na ambaci jinyar wata huɗu da ta sha, da hawayen da na zubar a maƙabarta, da yadda gida ya zame mini kango. Da safe na karanta wa mahaifiyata, ina jiran yabo. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan ai labarinka ne. Ina nata?"

Maganar ta sosa mini rai, amma gaskiya ce. Na ƙirga "ni" da "mini" har guda bakwai, addu'a kuwa ɗaya tak, ita ma a can ƙarshe, inda mai gaggawa ba zai kai ba. Alhali abin da ake nema daga wanda ya ga hoton shi ne ya ɗan dakata ya ce amin.

Jinyar na fara gogewa. Mace ce mai kunya, wadda ko ciwon kai ba ta son maƙwabta su ji, don haka ban ga dalilin da zan baje rauninta bayan ƙasa ta suturta ta ba. Na cire "ta mutu" na sa "ta rasu". Na kuma cire "tana Aljanna", wadda ƙauna ta sa na rubuta, domin wannan roƙo ne muke yi, hukuncin ba namu ba ne.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne zaɓen hali ɗaya. "Mai haƙuri da kirki" ana faɗarsa a kan kowane mamaci. Sai na tuna randar da take cikawa a zaure kowace safiya, da moɗa a kan murfinta, saboda almajirai da masu wucewa.

Ga abin da ya saura:

"Yau 12 ga Sha'aban, shekara guda da rasuwar Inna, wadda randarta ba ta taɓa bushewa a zaure ba. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya kyautata namu zuwan."

Mahaifiyata ta ce in maimaita. Da na kai kan randar, ta tashi ta shiga ɗaki.