Kan Magana a Saƙon Neman Hutun Shekara

A wasiƙar aiki ta takarda, mukan rubuta kan magana a ƙasan gaisuwa, da manyan baƙaƙe, mu ja masa layi. A saƙon imel kuwa kan magana ne a gaba da komai, shi ne abin da manaja zai fara gani tun kafin ya buɗe. Ina yawan ba ɗalibaina wannan a matsayin jinga, domin yana auna iya taƙaita zance fiye da rubuta shafi guda.

Mu ɗauki ma'aikaciya a wani kamfani a Yamai, wadda ke son hutu daga 4 zuwa 22 ga Agusta. Abin da hannu ya fi saurin rubutawa a gurbin Objet, ko Subject ga mai Ingilishi, shi ne "Barka da warhaka". Gaisuwa ladabi ce, amma muhallinta cikin saƙo. A kan magana ba ta gaya wa manaja komai ba, sai ya ajiye saƙon har ya sami sarari, alhali ana tsara jadawalin hutun ma'aikata, wani ya riga ta karɓe waɗannan ranakun.

"Hutu" kaɗai ma bai wadatar ba, saboda kalmar tana da faɗi a Hausa. Akwai hutun shekara, akwai na haihuwa, akwai na rashin lafiya, kowanne da ƙa'idarsa. Bugu da ƙari, kalmar ba ta nuna roƙo ake yi ko sanarwa ba. Idan aka ce "Zan tafi hutu", to an yanke hukunci ke nan kafin mai izini ya yi magana. Sunan aiki "neman" shi ke warware wannan, domin yana nuna buƙata ba tare da umarni ko ƙanƙantar da kai ba.

Ga yadda nake so ta rubuta: "Neman hutun shekara: 4 zuwa 22 ga Agusta". Buƙata ta zo a farko, sannan irin hutun, sannan ranaku. Jerin yana da dalili: allon waya yakan datse dogon layi, abin da ke ƙarshe shi ke ɓacewa. Sunan wata kuma a rubuta shi da kalma, domin 4/8 ranar 4 ga Agusta ce a tsarin Faransanci, amma 8 ga Afrilu ce a tsarin Amurka.

Dalilin tafiya, biki ne ko ganin gida, da sunan wanda zai riƙe aikinta, duk su jira cikin saƙon. Ma'aunina guda ne: in rufe saƙon, in karanta layin kaɗai. Idan manaja zai iya duba kalandarsa ya ce "na amince" daga wannan layin, to ya isa.