Ribar da Ke Takarda da Kuɗin da Ke Aljihu

Akwai tambayar da na sha ji daga bakin 'yan kasuwar ƙasar Kazaure da kewayenta, daga Roni da Gwiwa har zuwa Kanya Babba ta ƙaramar hukumar Ɓaɓura: idan har an ci riba bana, to ina kuɗin? Mai tambayar yakan yi ta da zargi, yana kallon yaron shago ko akanta. Sau da yawa kuwa babu wanda ya taɓa ko kwabo. Kuɗin suna nan, sun sauya kama ne kawai, kuma akwai takardar da aikinta shi ne bin sawunsu, wato bayanin shiga da fitar tsabar kuɗi.

Asalin ruɗanin yana cikin yadda ake lissafa riba. Akanta yana rubuta ciniki ranar da haja ta bar hannunka, ko an biya ko ba a biya ba. Gyaɗar da ka saya ba ta zama kashe kuɗi a littafinsa sai ranar da aka sayar da manta. Saboda haka riba tana auna abin da sana'a ta samar, ba ta ƙirga abin da ya shiga asusu. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai suna IAS 7, wadda kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya suke bi tun 2012, ta ba da hanya biyu ta nuna kuɗin da harkar yau da kullum ta kawo. Hanyar kai-tsaye tana jera abin da aka karɓa da abin da aka biya. Hanyar zagaye kuwa, wadda galibin kamfanoni suka fi amfani da ita, tana farawa daga riba, tana gyara ta mataki-mataki har ta koma tsabar kuɗi. Ni na fi son ta biyun, domin ita ce ke amsa waccan tambaya.

Bari mu ɗauki misali da na tsara da lambobi masu sauƙi. A ce wani mai injin matsar man gyaɗa a Kanya Babba ya rufe littafinsa a ƙarshen Disamba da ribar naira miliyan 12, bayan haraji, kuma harajin da aka rubuta shi ne daidai wanda ya biya.

Gyara na farko ya shafi abin da aka cire daga riba alhali kuɗi bai fita ba. Injin ya ci miliyan 20 lokacin da aka saye shi, an kuma ƙiyasta zai yi shekara 10 yana aiki. Don haka kowace shekara akanta yana cire miliyan 2 a matsayin raguwar darajarsa. Amma kuɗin injin sun fita tun ranar saye. Bana babu wanda aka miƙa wa waɗannan miliyan 2. Sai a mayar da su, lissafi ya koma miliyan 14. A kula, mayarwar ba ta nufin tsufan inji yana haifar da kuɗi. Warware ragin da aka yi ne a takarda, kuma ranar sayen sabon inji tana nan tafe.

Gyara na biyu ya shafi abin da ya shiga riba amma ba daga matsar mai ya fito ba. Mutumin ya sayar da tsohuwar akori-kura a kan miliyan 3, alhali darajarta a littafi miliyan 2 ce. Rarar miliyan 1 tana cikin ribarsa. Ana cire ta a nan, domin duka miliyan 3 ɗin za su bayyana a sashen saye da sayar da kadarori, kada a ƙirga su sau biyu. Saura miliyan 13.

Gyara na uku shi ne mafi nauyi, kuma a nan ake kwatanta farkon shekara da ƙarshenta. Bashin da yake bin dillalan Kano da Kazaure da ke ɗaukar jarkokin mai ya tashi daga miliyan 3 zuwa 9. Wannan ƙarin miliyan 6 ciniki ne da aka rubuta, aka ƙirga ribarsa, amma kuɗin suna aljihun wasu. A cire, saura 7. Gyaɗa da mai da tunkuzar da ke sito sun tashi daga miliyan 10 zuwa 18. An biya kuɗinsu, amma ba su taɓa riba ba tunda ba a sayar ba. A cire miliyan 8, lissafi ya faɗi ƙasa da sifiri da miliyan 1. Sai dai bashi hanji ne, yana cikin kowa: abin da masu kawo masa gyaɗa ke binsa ya ƙaru daga miliyan 2 zuwa 5. Waɗannan miliyan 3 kaya ne da ya karɓa bai biya ba tukuna, don haka a ƙara su. Ga jimillar:

12 + 2 − 1 − 6 − 8 + 3 = 2

Ribar miliyan 12 ta bar tsabar miliyan 2 kacal. Ana iya tabbatar da haka daga asusu. Ya fara shekara da miliyan 1, sana'a ta kawo 2, mota ta kawo 3, ya cire 4 don hidimar gida, saura miliyan 2. Idan abin da ke banki da akwati bai yi daidai da wannan ba, to akwai kuskure, kuma mafi yawa yakan zama an juya alama ne, an ƙara abin da ya kamata a cire.

Shin wannan mutum yana cikin hatsari? Takardar ba ta yanke hukunci, tana nuna inda za a duba ne. Disamba bayan kaka take, lokacin da duk mai hankali ke cika sito kafin gyaɗa ta yi tsada. Da a watan Agusta ya rufe littafin, da hoton ya bambanta. Abin yi shi ne a ƙirga buhuna. Idan sun ƙaru, tanadi ne da zai koma kuɗi kafin damina. Idan adadinsu bai sauya ba, farashi ne ya hau, to waɗannan miliyan 8 ba za su dawo hannu ba, domin baɗi ma sai an sake cika siton da su.

Bashin dillalai ne ya fi tayar mini da hankali. A ce cinikinsa ya tashi daga miliyan 60 zuwa 72, ƙarin kashi ɗaya cikin biyar ke nan, amma bashin ya ninka sau uku. Wannan alama ce ta cewa da sassaucin bashi ake sayen ciniki. Haka ya faru da kamfanin W. T. Grant na Amurka, mai ɗaruruwan kantuna, wanda ya durƙushe a 1975. Ya daɗe yana bayyana riba yana raba ta ga masu hannun jari, alhali a mafi yawan shekaru goma na ƙarshensa harkar cinikinsa cin kuɗi take yi, saboda bashin da yake bai wa masu saye da hajar da ta taru.

Akwai kuma miliyan 3 na masu kawo gyaɗa. Ba don su ba, da sana'ar ta ƙare shekara da giɓin miliyan 1. Mutum na iya ƙawata wannan takarda ta hanyar jinkirta biyan Disamba zuwa Janairu, shi ya sa nake karanta ta shekara uku a jere, ina duba ko tazarar da ke tsakanin riba da tsabar kuɗi tana rufewa ko tana ƙara faɗi, da kuma wane layi ne ke janyo ta kowace shekara.