Waƙa ma sai da lissafi: daga Kano zuwa Maiduguri

Ranar da aka sa bikin yayar sa, aiki ɗaya aka ba shi: ya haɗa waƙoƙin da za a ji a motar kai amarya daga Kano zuwa Maiduguri. Kowa gani ya ke wasa ne. Shi kuwa gaban sa faɗuwa ya yi, domin ya taɓa shan kunya.

A wani biki da ya wuce, zafafan ya jera tun farko. Kafin a kai Wudil 'yan mata sun gama ihun su, murya ta dishe. Can kuma amarya ta share hawaye kenan, sai ga waƙar rabuwa da iyaye. Kuka ya dawo sabo fil! Wata gwaggo ta harare shi ta ce, "Kai ɗan nan, makoki ka kawo mu?"

To, wannan karon sai ya zauna da biro da takarda. Tafiyar wajen awa 8 ce. Waƙa ɗaya kamar minti 5, wato 12 a awa, ya na buƙatar kusan 100 kenan. Sai ya raba su bisa garuruwan hanya.

Daga Kano zuwa Wudil, masu sanyi, irin na Nura M. Inuwa, don amarya ta samu natsuwa, amma babu ko ɗaya mai zancen rabuwa. Daga nan zuwa Azare, tsofaffin waƙoƙin finafinai irin na Sangaya da Wasila, waɗanda babba da yaro su ka haddace. Bayan kowace uku ta matasa, ya kan sa ɗaya ta Shata ko Barmani Choge, don kada iyaye su ce an manta da su.

Inda ya fi tsoro shi ne bayan Azare. An yi sallah, an ci an ƙoshi, ga rana, ga titi miƙe. Nan ne barci ke satar direba. Don haka nan ya ajiye masu zafin: Ali Jita, Ado Gwanja, da Jarumar Mata ta Hamisu Breaker wadda ta tashe a 2020. Bayan Damaturu ya sassauta, ya bar guda biyu masu kiɗan taushi na shiga gari.

Bai tsaya nan ba. Ya sa wa kowace waƙa lamba, 001 zuwa 100, ya tura su cikin memori ɗaya bayan ɗaya, saboda wani rediyon motar yadda aka tura ya ke bi. Wadda sautin ta ya yi ƙasa ya cire ta.

Ranar tafiya, an wuce Potiskum kowa na tafi, direba ido tar ya na kaɗa kai. Gwaggon nan ta juyo ta ce, "Ɗan nan, maimaita mana ta Barmanin."

Bai ce komai ba. Ya miƙa hannu ya mayar.