Inda Karin Magana Ke Yin Numfashi

Tsakanin masu nazarin Hausa a Mayo-Oulo, cikin yankin Mayo-Louti na arewacin Kamaru, akwai wata malama da ke buga karin magana a kan siraran katunan da ake sakawa a littafi domin tuna inda aka tsaya. Takardar A4 guda takan ba ta kati 5, kowanne faɗinsa santimita 5, tsawonsa 21. Idan aka bar rabin santimita a kowane gefe, santimita 4 ne ke saura wa rubutu, kuma a girma na 14 wannan fili ba ya ɗaukar fiye da haruffa 16 ko makamancin haka.

Wannan ƙunci ne ya sa ba ta barin kwamfuta ta yanke mata layi. Karin magana da yawa ɓari biyu gare su, na farko ya ɗaga magana, na biyu ya sauke ta, kuma mai faɗa yakan ɗan numfasa a tsakani. "Komai nisan jifa" ya cika layi daidai, "ƙasa zai faɗo" ya zauna a ƙarƙashinsa. Amma da an ƙara girman zuwa 16, sai "jifa" ta gangara ta haɗu da "ƙasa", ido ya karanta "jifa ƙasa" a matsayin abu ɗaya. Ɗalibin da Fulatanci ko Faransanci ya fi zama a bakinsa haka zai haddace ta, da numfashi a inda Bahaushe ba ya yinsa.

Dogayen sun fi wuyar sha'ani. "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa" ba ta shiga santimita 4 sai an raba "gemun" da "ɗan'uwanka", alhali ɗafin -n ya ɗaure su. Ƙanƙance rubutun ba mafita ba ne, don da fitilar dare ake karanta yawancin littattafan nan. Sai ta kwantar da katin, rubutu ya bi tsawonsa, kowane ɓari ya samu layinsa. Inda tilas ta sa ɓari ɗaya ya ci layi biyu, takan matse su kusa, ta buɗa tazarar da ke tsakanin ɓari da ɓari, yadda ido zai ga babbar gaɓa kafin ƙarama.

Sai kuma haruffa masu lanƙwasa. Fulatanci yana da ɓ da ɗ, don haka masu buga takardu a Garwa sun saba da su. Ƙ ce baƙuwa. Idan salon haruffan bai da ita, kwamfuta takan aro ta daga wani salon, ta fito siririya ko ta zarce 'yan'uwanta tsawo, wani lokaci ma ta ture layin ƙasa kaɗan. Shi ya sa malamar take riƙe da Andika ko Charis SIL, ta adana aikin a PDF, sannan ta fara buga kati ɗaya mai kalmar "ƙasa" ta duba kafin a yanka sauran.