Gidaje Tara da Mabuɗin Rumbu Ɗaya

Duk wanda zai fara wasan Dungeons & Dragons, takarda ake fara miƙa masa ya cike ta da bayanin jarumin da zai taka a labarin: sunansa, sana'arsa, ƙarfinsa, makamansa. Akwai kuma wani ɗan gurbi da aka rubuta Alignment a kansa, wato ɓangaren da halin jarumin ya karkata. Na sha zama da sababbin 'yan wasa, kuma kusan kullum a wannan gurbin biro yake tsayawa.

Wasan kansa ba shi da wuyar fahimta. Mutum huɗu ko biyar ne suke zama, ɗaya yana jan ragamar labari, sauran kowa yana faɗin abin da jaruminsa zai yi. Idan abin yana da haɗari sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, mai fuska ashirin, ta yanke hukunci. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974. A lokacin ɓangarori uku ne kawai: tsari, hargitsi da tsaka-tsaki, tunanin da aka aro daga littattafan Poul Anderson da Michael Moorcock. Daga baya aka ƙara ma'aunin kirki da mugunta, zuwa 1978 gidajen suka cika tara.

Abin da nake fara gaya wa baƙo shi ne, jadawalin tambayoyi biyu yake yi, kuma amsar ɗaya ba ta ba da amsar ɗayar. Ta farko: idan buƙatarka ta yi karo da ta wani, wa kake fifitawa? Nagari yana iya yin asara don wani ya tsira. Mugu yana cutar da wani don ya samu. Na tsakiya ba ya neman cutar da kowa, amma ba zai sa wuyansa don baƙo ba. Ta biyu: da me kake dogara wajen yanke shawara? Mai tsari yana riƙe da alkawari, ƙa'ida da shugabanci. Mai bijirewa ya fi yarda da zuciyarsa da 'yancinsa. Na tsakiya yana bin ƙa'ida idan ta yi amfani. Uku sau uku, tara ke nan.

Ga misalin da nake amfani da shi. An yi wa wani birni ƙawanya wata uku, yunwa ta shiga unguwannin talakawa. Sarkin birnin ya kulle rumbun hatsi, ya ce na mayaƙa ne. Mabuɗin yana hannun jaruminka.

Nagari mai tsari, wanda takardar take kira Lawful Good, ba zai buɗe rumbun a ɓoye ba. Zai ƙirga buhunan, ya lissafa abin da mayaƙa suke buƙata, ya je gaban sarki ya roƙi rarar, ya kuma ba da nasa rabon. Yana tsoron cewa idan aka fasa rumbu yau, ƙarfafa ne za su kwashe, marayu su tashi a tutar babu. Nagari na tsakiya zai fara da roƙon, idan aka ƙi sai ya riƙa fitar da buhu biyu kowane dare. Nagari mai bijirewa tun daren farko zai buɗe ƙofa ya kira jama'a, irin halin da ake danganta wa Robin Hood.

A layin tsakiya, mai tsari zai riƙe mabuɗin gam, domin umarni umarni ne, ko da kukan yara yana hana shi barci. Na tsakiyar tsakiya zai ɗebi abin da zai ishi iyalinsa ya ja bakinsa ya yi shiru. Mai bijirewa yana iya jefar da mabuɗin ya tsallake ganuwa, don bai ga dalilin mutuwa a kan rigimar sarakuna ba.

Layin ƙarshe shi ya fi koyar da ni. Mugu mai tsari zai ba da hatsin bashi, da shaidu da sa hannu, a kan sharaɗin da ya san ba za a iya cikawa ba, har gidajen mutane su dawo hannunsa. Bai karya doka ko ɗaya ba. Mugu na tsakiya zai sayar wa duk wanda ya fi biya, ko da abokan gaba ne. Mugu mai bijirewa, Chaotic Evil, yana iya cinna wa rumbun wuta don wani bafade ya yi masa kallon raini.

Ka lura, mutum uku ne suka mutunta ƙa'ida a nan, ɗaya kaɗai ne ya damu da masu jin yunwa. Sababbin 'yan wasa sukan ɗauka jadawalin tsani ne, mai tsari a sama, mai bijirewa a ƙasa. Amma wanda ya fasa rumbu ya ciyar da unguwa ya fi mai takardar bashin kirki nesa ba kusa ba. Haka nan tsari ba lallai ya zama dokar garin da kake ciki ba. Jarumin da ya yi rantsuwar kare raunana, idan ya shiga ƙasar da ta halatta cinikin bayi, rantsuwarsa zai bi.

Inda abin yake lalacewa shi ne lokacin da ɗan wasa ya mayar da gurbin lasisi. Na taɓa zama a teburin da wani ya zaɓi mai bijirewa na tsakiya, ya riƙa sace kuɗin abokan tafiyarsa, da an yi magana sai ya ce ai halin jaruminsa ke nan. A zama na uku mutum biyu suka daina zuwa. Alamar matsalar a bayyane take: idan mutum yana ambaton sunan gidansa a jadawali maimakon ya faɗi abin da jarumin yake so ko yake tsoro, to ya daina taka mutum. Masu tsari ma suna da irin tasu cutar, kamar mayaƙin da zai sare hannun yaro a kan burodi ɗaya yana cewa adalci yake yi.

Tsofaffin dokokin sun ƙara wa wutar fetur. A da, mayaƙin rantsuwa da ake kira Paladin dole ya kasance nagari mai tsari, kuma idan ya aikata mugunta da gangan sai ya rasa baiwarsa. Bugu na huɗu, na 2008, ya rage gidajen zuwa biyar. Na biyar, na 2014, ya dawo da tara amma ba tare da wannan tilas ba. Wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3, da ya fito a 2023, bai ma tambayarka gidanka sa'ad da kake ƙirƙirar jarumi.

Duk da haka ina ganin amfaninsa ga mai farawa, domin yana ba shi abin kamawa lokacin da mai jan labari ya juyo ya ce, “To, kai me za ka yi?” Shawarata ita ce ka cike gurbin da fensir. Kusa da shi ka rubuta abu ɗaya da jarumin ba zai taɓa yi ba, da mutum ɗaya da zai iya karya wannan ƙa'ida saboda shi. Bayan zama huɗu ko biyar ka duba abin da ya aikata a zahiri. Idan mai gadin da ka rubuta a matsayin mai tsari ya buɗe rumbun saboda ƙanwarsa tana cikin masu jin yunwa, ka goge ka gyara, ka kuma shirya amsar da zai ba sarki da safe.